Darasi: Rubuta Bayanin Murya ga Bidiyon Neman Tallafin Makaranta

Sau da yawa idan makaranta ta tashi neman taimako, babu kuɗin da za a kira mai ɗaukar bidiyo, babu kuma lokacin jiran sa. Abin da ke hannu shi ne guntayen bidiyo da malamai da iyaye suka ɗauka da wayoyinsu a lokuta dabam-dabam: wani ranar taron iyaye, wani ana cikin darasi, wani washegarin wata ɓarna. Ana iya haɗa waɗannan guntaye, a ɗora murya a kansu, su zama bidiyo na minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi da za a tura wa tsofaffin ɗalibai da 'yan gari mazauna birni. Wannan darasi a kan rubuta abin da muryar za ta faɗa ne.

Aikin ya bambanta da rubuta wasiƙar neman taimako. A wasiƙa kai ne mai iko da tsawon zancenka. A nan kuwa hotunan sun riga ka, ba za ka iya ƙara musu tsawo ba, ba za ka iya sa su nuna abin da ba su ɗauka ba. Kamar tela ne da aka kawo wa yadi uku: dole ya yanka rigar da yadi uku za su isa. Saboda haka ba a farawa da alƙalami. Da kallo ake farawa.

Makarantar da za mu yi aiki da ita

Mu ɗauki wata makarantar firamare a ƙauye a matsayin misali. Adadin da za mu ambata na koyo ne kawai, kowa zai sa na makarantarsa. A watan Mayu, iskar farkon damina ta kwashe rufin ginin da ke ɗauke da aji uku da aji huɗu. Yara 94 suka koma gindin darbejiya. Yanzu ana cikin Fabrairu. Kafinta ya zo ya auna, ya ce za a sayi bandir 8 na kwano. Bandir ɗaya falle 20 ne, ke nan falle 160. Da katako da ƙusa da kuɗin aiki, jimilla ta kama naira 1,200,000. Iyaye sun yi karo-karo sun tara naira 450,000. Kwamitin kula da makaranta yana neman cikon naira 750,000, kuma kai aka ɗora wa rubuta bayanin.

Ka san abin da ke hannunka

Tara guntayen a waya ɗaya. Idan za a turo maka ta WhatsApp, ka roƙi a turo su a matsayin Document, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage kyan hoto, kuma bidiyon da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya yakan dushe. Sannan ka ɗauki littafi, ka kalli kowane guntu sau biyu. A kallo na farko ka rubuta abin da ido yake gani. A na biyu ka rubuta abin da kunne yake ji, da daƙiƙar da hoton ya fara kyau da inda ya daina. Ka tambayi wanda ya ɗauka yaushe ya ɗauka, ka rubuta wannan ma.

Ga abin da aka samu a misalinmu:

Guntu na 1: yara a layi a taron safe. Daƙiƙa 14, masu amfani 12. Iska tana hura wa waya, sautin ba zai yi ba.
Guntu na 2: ajin da babu rufi, washegarin iskar. Hoto ya faro daga allo ya ɗaga zuwa sama. Daƙiƙa 22, amma hannu yana rawa a farko da ƙarshe. Masu amfani daga 5 zuwa 17.
Guntu na 3: malama tana koyar da lissafi a gindin bishiya, watan jiya. Daƙiƙa 40. Muryar yara tana fita sarai.
Guntu na 4: tsofaffin kwanuka a lanƙwashe, an jibge su bayan gini. Daƙiƙa 9, masu amfani 6.
Guntu na 5: taron iyaye, ma'aji yana ƙirga kuɗi a kan tebur. Daƙiƙa 31.
Guntu na 6: wata yarinya tana karatu a gaban aji, a cikin wannan ginin, tun rufin yana nan. Daƙiƙa 25, sauti mai kyau.
Guntu na 7: yara suna fita ƙofa bayan an tashi, rana tsaka. Daƙiƙa 11.
Guntu na 8: wani yaro da yagaggiyar riga yana kuka a bakin aji. Daƙiƙa 8.

Lura da cewa tsawon guntu dabam, tsawon abin da za ka iya amfani da shi dabam. Guntu na 2 daƙiƙa 22 ne a waya, amma 12 ne a hannunka. Wanda ya rubuta masa magana ta daƙiƙa 22 zai tarar ranar haɗawa cewa hoto ya ƙare murya tana ci gaba, sai a koma maimaita hoto ɗaya sau biyu, mai kallo kuwa yana gane hakan nan take.

Guntu na 8 mu ajiye shi gefe tun yanzu. Zai iya sa wani ya tausaya, amma kukan yaron ba na rufi ba ne, kuma bidiyon da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Yaron nan zai girma a garin, iyayensa suna da mutunci a cikinsa. Yarinyar guntu na 6 ma, tunda fuskarta ta fito fili, sai an je an nuna wa iyayenta sun amince, kuma ba za a ambaci sunanta ba.

Kalma nawa bidiyon zai ɗauka

Wannan lissafi ne da yawancin masu farawa suke tsallakewa, alhali shi ne ke hana wahala daga baya. Nemi wanda zai karanta bayanin, ka ba shi kowane rubutun Hausa, ka kunna agogon waya, ya karanta a natse na daƙiƙa 30 kamar yana yi wa dattijo bayani. Ƙirga kalmomin da ya karanta. Idan sun kai 60, saurinsa kalma biyu ne a daƙiƙa. Wani zai ɗara haka, wani zai gaza. Da saurin mai karanta naka za ka yi aiki. A misalinmu mu tsaya a kan biyu.

Mun yanke bidiyon zai zama daƙiƙa 72. Sau biyu, kalma 144 ke nan idan murya ba za ta huta ba ko kaɗan. Amma dole ta huta. Mai kallo yana bukatar ya ji muryar yaran da kansu, yana kuma bukatar ɗan sarari bayan an faɗi adadi kafin wani ya biyo. Cire rubu'i, sai a bar ka da kalma 108. Iyakar gonarka ke nan. Wannan sakin layi da wanda ya gabace shi, idan ka haɗa su, sun fi ƙarfinta.

Wajen ƙirga, ka rubuta kuɗi da lambobi yadda baki zai furta su. A takarda 7,500 kamar kalma ɗaya ce, amma "naira dubu bakwai da ɗari biyar" kalma shida ce, daƙiƙa uku cur.

Buƙata ɗaya, a cikin jimla ɗaya

Kafin ka jera hotuna, ka rubuta a saman takarda abin da ake so mai kallo ya yi. A nan ne kwamiti zai fara kawo maka ƙari: a ambaci rashin kujeru, a ambaci rijiyar da ta ƙafe, a ambaci ƙarancin malamai. Duk gaskiya ne, amma kalma 108 ba za su ɗauke su ba, kuma wanda aka zayyana wa matsala biyar yakan ga abin ya fi ƙarfin aljihunsa, ya yi addu'a ya wuce. Ka roƙi kwamiti a bar sauran zuwa wani bidiyon.

Ko adadin rufin kaɗai, yadda aka faɗe shi yana da tasiri. Naira 750,000 kuɗi ne da ɗan kasuwa mai ƙaramin shago zai ji ya ce wannan na masu hali ne. Mu raba jimillar aikin, naira 1,200,000, gida 160, sai kowane falle da katakonsa da ƙusarsa da kuɗin aikinsa ya kama naira 7,500. Da wannan lissafi, abin da iyaye suka tara falle 60 ne, saura falle 100. Yanzu buƙatar ta zama: a taimaka da falle ɗaya kafin ƙarshen Maris. Mutum yana iya hango falle ɗaya a ransa, yana iya cewa ni zan ɗauki biyu, wani ya ce a rubuta masa bandir. An sa ƙarshen Maris ne domin kafinta ya samu Afrilu ya gama kafin iska ta dawo. Wa'adin da ke da dalili irin wannan ya fi "cikin gaggawa" aiki.

Murya ta faɗi abin da ido bai gani ba

Raba takarda gida biyu. A hagu lambar guntu da daƙiƙoƙinsa, a dama abin da murya za ta ce, a ƙarshe adadin kalmomi. Ka cika hagu tukuna. Ba dole ne jerin ya bi tarihin yadda abin ya faru ba. Mu za mu fara da guntu na 3, domin yara suna karatu a waje abu ne da ke sa mutum ya tambaya, me ya sa? Guntu na 2 sai ya ba shi amsa.

Ga irin abin da hannu yakan fara rubutawa a kan guntu na 3: "Ga yaranmu nan zaune a ƙarƙashin bishiya, malama tana koya musu darasi cikin wani mawuyacin hali." Kalma 16, daƙiƙa takwas, kuma babu abin da mai kallo ya ƙaru da shi. Yana ganin yaran, yana ganin bishiyar, yana ganin malamar. Abin da ba zai iya gani ba shi ne wane aji ne, da tsawon lokacin da suka yi a wurin. Wannan shi ne rabon murya: lokaci, dalili, adadi, da abin da ake nema. "Mawuyacin hali" kuwa hukunci ne da ya kamata a bar wa mai kallo ya yanke da kansa, kuma zai yanke idan ya ji "wata tara".

Sai maganar gaisuwa. Ba ma faɗa wa mutane magana babu sallama, kuma bai kamata bidiyo ya koya mana hakan ba. Amma buɗewa da "a madadin hukumar makaranta da malamai da iyayen yara da dagacin gari, muna farin cikin gabatar muku" tana cinye kusan daƙiƙa tara kafin a ce komai, kuma a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ne mai waya yake yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Sallama ta kalma biyu ta wadatar. Sunayen manya da godiya gare su a rubuta su a allon ƙarshe, a kuma yi musu bayanin dalili tun kafin bidiyon ya fita, kada wani ya ga kamar an raina shi.

Ga bayanin a kammale:

0:00 zuwa 0:10, guntu na 3. Daƙiƙa uku na farko muryar yara kaɗai. Sannan: "Assalamu alaikum. Wannan aji uku ne. Wata tara ke nan suna karatu a nan." Kalma 14.

0:10 zuwa 0:22, guntu na 2. "Iskar farkon damina ce ta kwashe rufin azuzuwa biyu. Yara casa'in da huɗu suka koma waje. Da hadari ya taso, sai a tashi." Kalma 23.

0:22 zuwa 0:28, guntu na 4. "Kafinta ya duba. Tsohon kwanon ba zai moru ba." Kalma 9.

0:28 zuwa 0:40, guntu na 5. "Aikin falle ɗari da sittin ne. Iyaye sun tara kuɗin falle sittin da kansu. Saura ɗari." Kalma 16.

0:40 zuwa 0:50, guntu na 6. "Wannan ajin ne, kafin iskar." Kalma 5. Sauran lokacin a bar yarinyar ta yi karatunta.

0:50 zuwa 1:02, guntu na 1. "Falle ɗaya, har katako da ƙusa da kuɗin aiki, naira dubu bakwai da ɗari biyar ne. Ku taimaka da falle ɗaya kafin ƙarshen Maris." Kalma 24.

1:02 zuwa 1:12, allon ƙarshe. "Ga asusun makaranta. Za mu nuna muku rufin idan an gama. Allah Ya saka da alheri." Kalma 16.

Jimilla kalma 107.

Kowane layi yana da aikinsa. Layin guntu na 4 amsa ne ga tambayar da duk wanda ya taɓa gini zai yi a ransa: me ya hana a miƙe tsohon kwanon a mayar? Idan ba ka amsa ba, zai tafi da shakkarsa. Layin guntu na 5 shi ne ya fi kowane nauyi a ganina, domin mutane sun fi sakin hannu ga wanda suka ga ya fara taimakon kansa, kuma hoton ma'aji yana ƙirga kuɗi a gaban jama'a shaida ce da ba ta bukatar ƙarin magana. An bar masa daƙiƙa huɗu babu murya da gangan, domin adadi uku ne suka zo a jere. Guntu na 1 kuma an kai shi wurin roƙo ne saboda sautinsa ya lalace, za a kashe shi gaba ɗaya, murya ta samu fili.

Idan babu hoton abin da kake son faɗa

Wannan ita ce matsalar da ta keɓanta da aiki da tsofaffin guntaye, kuma a nan ne amana take shigowa. Muna son mu ce idan hadari ya taso ana sallamar yara. Babu wanda ya ɗauki hoton hakan. Muna da guntu na 7, yara suna fita ƙofa, kuma da sauƙi a ɗora maganar a kansa. Amma ranar tashin makaranta ne na yau da kullum, ga rana tana haskawa, ga inuwar yaran a ƙasa. Mutumin garin da ya lura da wannan zai fara tambayar ko adadin kuɗin ma haka aka yi masa. Ya fi wannan muni a ɗauko bidiyon ambaliya ko guguwa na wani gari a cusa. Ko ba a gane ba, yaudara ce, kuma kuɗin da aka karɓa da ita an karɓe shi ne a kan abin da bai faru a nan ba.

Hanyoyin fita uku ne. Ko ka nemi hoton da maganar za ta hau ba tare da ƙarya ba, ko ka ɗauki hoto guda da waya yau ka cike gurbin, ko ka haƙura da maganar. Mu mun bi ta farko: a guntu na 2 hoto yana ɗagawa daga allo zuwa sararin sama ta tsakanin katakon da ya saura, sai muka jera jimlolin yadda "da hadari ya taso" zai faɗo daidai lokacin da sama ta bayyana. Ba mu ce ga hadarin nan ba. Mun nuna inda ruwa zai shigo. Guntu na 7 bai samu gurbi ba, kuma babu laifi; ba dole ne duk abin da aka turo maka ya shiga ba.

Haka nan tsohon hoto a faɗi cewa tsoho ne. Kalmomi biyar na guntu na 6 aikinsu ke nan. Da ba a ce "kafin iskar" ba, wani zai ga aji da rufinsa lafiya lau ya rikice, ko ya zaci an riga an gyara.

Allon ƙarshe

Lambar asusun banki a Nijeriya lamba goma ce. Kada murya ta karanta ta: za ta ci lokaci, kuma ba wanda zai haddace. A rubuta ta da manyan lambobi tare da sunan banki da sunan asusu, a bar ta daƙiƙa goma domin mutum ya iya tsayar da bidiyon ya kwafa. Asusun ya kasance da sunan makaranta ko na kwamiti, wanda mutum biyu suke sa wa hannu. Asusun mutum ɗaya, komai gaskiyarsa, yana jawo masa zargi. A ƙara lambar wayar da kwamiti ya amince a kira, domin wani zai so ya kawo kwanon da kansa, wani kuma ba ya mu'amala da banki. Mutum biyu su duba lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin a saki bidiyon, domin kuskuren lamba guda ba ya gyaruwa bayan an yaɗa.

Alkawarin da ke layin ƙarshe, cewa za a nuna rufin, kada ka rubuta shi sai kwamiti ya yarda zai cika.

Gwaji kafin a ɗauki murya

Kunna kowane guntu ba sauti, mai karatu ya karanta layinsa a kai da babbar murya. Idan hoto ya ƙare kafin ya gama, ka rage kalmomi. Kada ka ce ya ƙara sauri, domin adadin da aka faɗa a gurguje ba ya zama a kunne. Idan harshensa ya sarƙe a wuri ɗaya sau biyu, laifin jimlar ne, ka sake ta. Jimlar da ba za ta fita a numfashi ɗaya ba a raba ta biyu.

Wurin ɗauka, a sami ɗaki mai labule ko katifa, a kashe fanka, a jira janareta ya yi shiru, waya ta kasance kamar taƙi ɗaya daga baki. A ɗauki kowane layi dabam, domin mai haɗawa a CapCut ko InShot ya iya ajiye shi daidai kan hotonsa, ya kuma rage sautin guntun a duk inda murya take magana.

Idan an haɗa, a nuna wa wanda bai san makarantar ba, sau ɗaya, a lasifikar waya. Sannan a tambaye shi: me ya faru, nawa ake nema, zuwa yaushe? Inda ya kasa amsawa, nan ne gyara yake. A sake nuna wa wani ba sauti, domin da yawa a cikin mota ko wurin aiki suke kallo. Idan bai fahimci buƙatar ba, a rubuta "Saura falle 100" a kan guntu na 5, da "Falle ɗaya: naira 7,500" a kan guntu na 1.

Aikin yi

1. Ku kasu biyu-biyu. Kowa ya auna saurin karatun abokinsa na daƙiƙa 30, ya lissafa kalma nawa zai iya karantawa a bidiyon daƙiƙa 60 bayan an cire rubu'i.

2. An ce iyayen yarinyar guntu na 6 ba su amince ba. Cire guntun, ka sake jera sauran yadda bidiyon zai tsaya a daƙiƙa 62. Wane layi ne zai biyo bayan "Saura ɗari", kuma akwai bukatar a canza shi?

3. Gyara wannan layi ya hau hoton daƙiƙa shida na yara zaune a kan siminti, ba tare da faɗin abin da ido yake gani ba: "Kamar yadda kuke gani, ɗalibanmu suna zaune a ƙasa saboda tsananin rashin kujerun zama da makarantar take fama da shi." Ka sani cewa yara 60 ne a ajin, benci ɗaya yana ɗaukar uku.

4. Nemi guntaye biyar na wata makaranta da ka sani, da izinin shugabanta. Rubuta jerinsu kamar yadda muka yi, da jimlar buƙata guda ɗaya, ka kawo aji a zama na gaba.